Wasiƙar Neman Ƙarin Albashi: Lissafin da Maigida Ke Son Gani

A ƙarshen watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. An yi ta murna a gidajen rediyo, ƙungiyoyin ƙwadago sun koma jihohi suna kokawa da gwamnoni kan ranar da za a fara biya. Amma akwai ɗimbin ma'aikatan da wannan doka ta wuce ta gefensu ba ta ko yi musu sallama ba: akantan kamfanin da ke karɓar 150,000, malamar makarantar kuɗi mai 90,000, mai kula da sito a Sharaɗa ko Bompai, ma'aikaciyar jinya a asibiti mai zaman kansa. Dokar ƙasan albashi kawai ta tsayar. Ba ta ce wa kowane maigida ya ƙara wa wanda ya riga ya haura 70,000 ko kwabo ba, kuma wuraren da ma'aikatansu ba su kai ashirin da biyar ba ma ba ta hau kansu ba.

Ga irin waɗannan mutane, ƙarin albashi hanya biyu yake zuwa. Ko dai maigida ya ga dama ya ƙara, ko ma'aikaci ya nema. Ta farkon ba a hannun kowa take ba. Ta biyun kuwa tana da ƙa'ida, kuma yawancin masu nema a wajen ƙa'idar suke faɗuwa.

Da farko a ware ma'aikacin gwamnati. Shi albashinsa a rubuce yake cikin jadawali, mataki na 1 zuwa na 17, kowane mataki da ƙananan matakansa, kuma a tarayya Hukumar Albashi da Kuɗaɗen Shiga ce ke fitar da shi. Likitoci na da nasu jadawalin, malaman jami'a na da nasu. Darakta ba shi da ikon ƙara wa magatakardansa ko naira ɗaya don ya rubuta masa wasiƙa mai daɗi. Can hanyar ita ce ƙarin girma: cikar shekaru, fom ɗin tantance aiki na shekara, jarrabawa, da samun gurbi. Haka ƙananan ma'aikatan manyan masana'antun da ke da ƙungiya, galibi ƙungiyar ce ke zama da kamfani ta yi ciniki a madadin kowa. Wasiƙar da ake magana a nan ta wanda ke aiki ne inda mutum ɗaya ko biyu za su iya zama su ce “a ƙara masa”.

Matsalar farko ta tarbiyya ce. Bahaushe ya tashi da kunya da kawaici, kuma maganar kuɗi tsakanin yaro da maigida tana da nauyi. A kasuwa irin Kantin Kwari an saba yaron shago ya yi shekaru yana jiran ranar da maigida zai sallame shi da jari, ba tare da ya buɗi baki ya ce lokaci ya yi ba. Wannan ɗabi'a ta biyo mutane har cikin ofis. Sai ma'aikaci ya yi ta ƙorafi a wajen cin abinci, ko ya tura wani dattijo ya sa baki, ko ya tare manaja a bakin mota ya ce, “Yallaɓai, a dube mu, abubuwa sun yi tsada.” Idan ta kai ga rubutu kuma, wasiƙar kusan iri ɗaya ce ko'ina: mai gidan haya ya ƙara kuɗi, yara uku na makaranta, uwargida ta haihu, mahaifiya na kwance. Duk gaskiya ne. Amma manajan da ke karantawa yana da mutum talatin a ƙarƙashinsa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da mai gidan hayarsa bai ƙara kuɗi ba. Idan ya ƙara wa ɗaya a kan wannan hujja, gobe sauran ashirin da tara za su zo da tasu. Shi ya sa irin wannan wasiƙa abin da take samowa shi ne ambulan na dubu ashirin da addu'ar Allah ya kawo mana sauƙi.

Akwai kuma abin da masu nema ba su cika lura da shi ba. Wanda aka miƙa wa wasiƙar sau da yawa ba shi ne mai yanke hukunci ba. Shi ma ɗauka zai yi ya kai wa shugaban kamfani, ko mai kuɗin, ko kwamitin kasafi, inda za a tambaye shi, “Me ya sa shi kaɗai?” Wasiƙa mai kyau ita ce wadda ta riga ta ba manaja amsar wannan tambaya a hannunsa. Amsar kuwa kashi biyu ce: ga abin da wannan mutum ya kawo wa kamfani a lissafe, ga kuma abin da za a kashe idan aka nemi irinsa a waje yau.

A ɗauki misalin mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Alƙaluman nasa na misali ne, amma yanayin kowa ya san shi. An ɗauke shi aiki a watan Janairun 2023 a kan naira 150,000 a wata, kafin a cire haraji da fansho. A 2024 aka yi wa kowa ƙarin kashi 20 cikin ɗari, nasa ya koma 180,000, kuma tun daga nan ba a sake taɓawa ba. A tsakanin wannan lokaci an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin 2024.

Abin da zai fara yi ba rubutu ba ne, lissafi ne na kansa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2023 farashin kaya ya tashi da kashi 28.92 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata, a Disambar 2024 kuma ya sake tashi da kashi 34.80. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haɗa biyun a ce kashi 64. Ba haɗawa ake yi ba, ninkawa ake yi, domin tashin shekara ta biyu a kan sabon farashi ya hau. Kayan naira 100 sun koma kusan 129, sannan 129 ɗin ta ƙaru da kashi 34.80 ta koma kusan 174. Ke nan albashin 150,000 na farkon 2023 sai ya kai kimanin 260,000 a farkon 2025 kafin ya sayi abin da yake saya a da. Mutumin da aka “ƙara wa” zuwa 180,000 a zahiri an rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin kuɗinsa, tun ma ba a shigo da tsadar 2025 cikin lissafin ba.

Wannan lissafi yana da amfani, amma ba shi ne ginshiƙin wasiƙar ba. Layi ɗaya ya ishe shi. Dalili kuwa shi ne tsadar da ta ci ma'aikaci ita ta ci kamfani: dizal, kuɗin lantarki, kuɗin dakon kaya. Manaja zai iya mayar masa da tasa hujjar nan take. Sannan akwai tarko: a farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take auna farashi da ita, sai alƙaluman Janairu suka faɗo zuwa kashi 24.48. Wani maigidan zai ce, “Ai gwamnati ma ta ce tsada ta sauka.” Ba farashi ne ya sauka ba. Ma'aunin aka sauya, kuma ko da alƙaluman sun ci gaba da raguwa, abin da suke nufi shi ne kaya na tashi a hankali fiye da da. Mai nema ya san wannan don ranar zama, ba sai ya cika takarda da shi ba.

Ginshiƙin shi ne nasarorin aiki, kuma a nan ne ake bambance wasiƙar da za a karanta da wadda za a tura cikin fayil. “Ina aiki tuƙuru, ina zuwa a kan lokaci, ban taɓa samun takardar tuhuma ba.” Wannan duk aikin da aka ɗauke shi ya yi ne, kuma shi ake biyan 180,000 a kai. Nasara ita ce abin da ya canza saboda zuwansa, wanda kuma za a iya nunawa a takardun kamfanin kansa. Mai kula da siton nan, da ya koma ya duba rahoton ƙidayar kaya na duk wata uku, sai ya tarar lokacin da ya karɓi sito giɓin da ake samu tsakanin abin da ke littafi da abin da ke ƙasa yana kai naira miliyan 1.2 a kowane zango: katan ɗin da suka ɓace, waɗanda ruwa ya taɓa, da waɗanda wa'adinsu ya ƙare a can ƙuryar sito don an jera sababbi a gabansu. Shi ya kawo tsarin fitar da wanda ya fara shigowa tukuna, ya sa aka ɗora kaya a kan katako maimakon daɓe, ya kuma hana mota fita sai direba da mai gadi sun sa hannu a takardar lodi. A zango huɗu na baya giɓin bai wuce 300,000 ba. Bambancin 900,000 ne a wata uku, wato naira miliyan 3.6 a shekara. Ban da haka, da aka buɗe ƙaramin sito na biyu, shi aka ɗora wa ba tare da an ɗauki wani ba.

Waɗannan biyun sun isa. Mai abu goma ya zaɓi uku mafi nauyi, domin na huɗu da na biyar in suka yi rauni su manaja zai kama ya yi gardama a kai, ya manta da na farko. Kuma kowace sana'a tana da abin da ake ƙirgawa. Malamin lissafi yana da yawan ɗaliban da suka ci jarrabawar kammala sakandare kafin zuwansa da bayan zuwansa. Akanta yana da bashin da ya karɓo daga dillalai, ko kwanakin da rufe littafin wata yake ɗauka da da yanzu. Direba yana da litar mai a kowace tafiya da kuɗin gyara. Wanda aikinsa ba ya ƙirguwa da kuɗi, sai ya ƙirga nauyi: an ɗauke shi ya yi abu kaza a takardar ɗaukar aiki, yanzu yana yin kaza da kaza, ga ranar da aka ƙara masa kowanne.

Abu biyu ke ɓata wannan sashe. Na farko cin haƙƙin abokan aiki. Idan rage giɓin aikin mutum huɗu ne, ya ce shi ya jagoranta, ya faɗi abin da ya yi da hannunsa. Manaja ya san gaskiya, kuma labarin wasiƙa ba ya ɓuya a ofis. Na biyu ƙara gishiri. Alƙalami ɗaya da akanta zai duba ya ce ba haka ba ne ya isa ya rusa sauran. Shi ya sa ya fi kyau a ambaci inda kowane adadi ya fito, a kuma rage shi kaɗan in ana shakka.

Sai shaidar kasuwa, wato nawa ake biyan mai irin wannan aiki a wasu wurare. A Najeriya wannan shi ne ɓangare mafi wuya, domin yawancin tallan neman ma'aikata ba sa faɗin albashi, kuma manyan binciken albashi da kamfanonin tuntuɓa ke yi sayar wa manyan kamfanoni suke yi, ba a ajiye suke don kowa ba. Abin da ya rage wa talaka shi ne tallace-tallacen da suka bayyana adadi a shafuka irin Jobberman, MyJobMag da LinkedIn, sai abin da ya ji daga bakin abokan sana'a a wasu kamfanoni, sai kuma tayin aiki na gaske in ya samu.

A ce mai siton ya tara tallace-tallace huɗu na watannin baya-bayan nan. Ɗaya na kamfanin rarraba kaya a Kano, naira 220,000. Ɗaya na masana'anta a Kaduna, tsakanin 240,000 da 280,000. Ɗaya a Legas, 350,000. Ɗaya kuma na wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa a Maiduguri, sama da rabin miliyan. Zuciya za ta so manyan biyun, kuma su ne ya kamata ya jefar. Na Legas ya ƙunshi kuɗin haya da na mota irin na Legas. Na ƙungiyar agaji da kuɗin ƙasashen waje ake biyansa, kwantiragi ne mai wa'adi, akwai kuma kuɗin kasada a ciki. Duk manajan da ya ga waɗannan a wasiƙa zai yi murmushi ya ce, “To ai ga hanya nan, Allah ya ba da sa'a.” Shaidar da ke aiki ita ce wadda ta yi kama da nasa a gari, a girman kamfani, a yawan nauyi, da kuma lokaci, domin tallan shekara biyu baya a wannan zamani ya zama tarihi. Biyun farko sun ba shi tsakanin 220,000 da 280,000, kuma 250,000 ta faɗo a tsakiya.

A nan akwai ruɗanin da ke jawo rigima bayan an gama magana: albashin takarda da abin da ke shiga asusu ba ɗaya ba ne. Aboki in ya ce “ana ba ni 230,000”, yawanci abin da ya gani a saƙon banki yake nufi, talla kuwa yawanci kafin cire-cire yake faɗa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, maigida ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, kuma ana lissafa su ne aƙalla a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Sai harajin albashi, wanda a sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 ne. Idan aka ƙara wa mai sito 70,000, fansho zai iya ɗauke 5,600, haraji ya ɗauki kusan 9,700, abin da zai ƙaru a hannunsa bai kai 55,000 ba. Gara ya san haka tun kafin ya faɗi adadi, ya kuma rubuta a fili cewa kafin cire-cire yake nufi.

Abu ɗaya da bai kamata ya shiga takarda ba shi ne albashin abokin aiki na cikin gida. “Wane da muka shigo tare yana karɓar kaza.” Ko da gaskiya ne, maganar za ta tashi daga cancanta ta koma binciken wa ya fitar da sirri, kuma wanda ya gaya masa shi zai fara shan wuya.

Da waɗannan a hannu, wasiƙar kanta ba ta wuce shafi ɗaya. A yawancin kamfanoni da Turanci za a rubuta ta, amma ginin ɗaya ne. A sama akwai kwanan wata da wanda aka rubuta wa, kuma ta bi ta hannun shugabansa na kusa. Tsallake shi zuwa ga mai kamfani yakan mayar da wanda ya kamata ya goyi baya ya zama abokin gaba. Ga yadda ta mai sito za ta kasance:

“Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina neman a sake duba albashina, daga naira 180,000 zuwa naira 250,000 a wata kafin cire haraji da fansho, daga farkon sabuwar shekarar kasafi.

“Na kama aiki a matsayin mai kula da sito a watan Janairun 2023. Rahoton ƙidayar kaya ya nuna a lokacin ana samun giɓin kimanin naira miliyan 1.2 a duk wata uku. Bayan tsarin fitar da kaya da na sa hannu a takardar lodi da na jagoranta tare da abokan aikina, giɓin bai wuce naira 300,000 ba a zango huɗu na baya, wato ragin kimanin naira miliyan 3.6 a shekara. Haka kuma tun da aka buɗe sito na biyu nake kula da shi, alhali ba ya cikin aikin da aka ɗauke ni a kai.

“Tallace-tallacen aiki irin nawa a Kano da Kaduna, waɗanda na haɗo kwafinsu, suna biyan tsakanin naira 220,000 da 280,000. Ƙarin ƙarshe da na samu a 2024 ne.

“Ina jin daɗin aiki a wannan kamfani kuma ina fatan ci gaba da shi. Zan so a ba ni lokaci cikin makonni biyu masu zuwa mu tattauna. Na gode.”

Abin lura shi ne buƙatar ta zo a jumlar farko, da adadi da rana. Masu rubuta “a ƙara mini abin da ya sawwaƙa” sukan samu daidai abin da suka roƙa, dubu biyar ko goma. Wasiƙar ba ta kuma yi wa manaja lissafin ƙarshe ba, amma ta bar masa shi a buɗe: 70,000 sau goma sha biyu 840,000 ne, in aka haɗa da kason fansho na kamfani ya kai kimanin 924,000, wato kusan rubu'in abin da mutumin ya ce ya ceto. Wannan shi ne lissafin da manaja zai hau sama da shi. Idan ya ƙara da cewa sabon mai sito ma ba zai zo a ƙasa da 220,000 ba, ga watannin koyon aiki, ga rashin sanin amanarsa a kan kayan miliyoyi, maganar ta kusa ƙarewa.

Batun tayin aiki daga wani wuri kuwa, shi ne shaida mafi ƙarfi kuma mafi haɗari. In akwai shi a rubuce, kuma mutum a shirye yake ya tafi, ana iya ambatonsa cikin ladabi, an fi so a baki ranar zama. In babu, kada a ƙirƙira. Manajoji a gari ɗaya sun san juna, waya ɗaya ta isa. Kuma akwai maigidan da barazana kawai yake ji, ko da ya biya a wannan wata zai fara neman madadi a wata mai zuwa.

Lokacin miƙawa yana iya fin kalmomin tasiri. Kamfanin da shekarar kuɗinsa ke ƙarewa a Disamba yakan tsara kasafin baɗi tsakanin Oktoba da Disamba. Wasiƙar da ta zo a Fabrairu za ta tarar an rufe, a ce a jira shekara mai zuwa. Malamin makarantar kuɗi lokacinsa kafin dogon hutu ne, sa'ad da mai makaranta ke tsayar da kuɗin sabon zangon Satumba. Wanda ba a riga an tabbatar da shi a aiki ba ya jira takardar tabbatarwa. Wurin da albashi ya fara makara, ko aka fara sallamar mutane, ba wasiƙa yake buƙata ba. Ma'aikaci ya fara duba waje. Kuma ya kyautu a yi wa shugaba na kusa maganar a baki kwana kaɗan kafin takardar ta iso, don kada ya fara ganinta a gaban wasu.

Amsa ba ta cika zuwa da “e” ko “a'a” tsantsa ba. Abin da aka fi samu shi ne rabi: an nemi 250,000, an ba da 215,000. Shi ya sa mutum zai shiga zama da adadi biyu a ransa, wanda ya rubuta da wanda ba zai sauka ƙasa da shi ba. In aka ce babu kuɗi yanzu, tambayar da ke da amfani ita ce, “Yallaɓai, me ake so in cim ma, kuma wane wata za a sake dubawa?” Manajan da ya ba da wata da sharaɗi, ya kuma yarda a rubuta, da gaske yake. Wanda ya ce “za mu duba” har sau biyu ba rana, ya riga ya ba da amsa. Babu dokar da ta tilasta wa kamfani ƙarin da ba ya cikin yarjejeniyar aiki, don haka kotun ma'aikata ba ta da abin yi a kan ƙin ƙari kawai.

Wani lokaci kamfani zai ce ba zai taɓa ainihin albashi ba amma zai ba da alawus. Ba laifi a karɓa, sai dai a san bambancin. Alawus na gida da na sufuri suna shiga lissafin fansho, na abinci ko na katin waya kuwa galibi ba sa shiga, kuma sun fi saurin yankewa in kasuwa ta yi sanyi. A wurare da yawa kuɗin hutu da na sallama a kan ainihin albashi ake lissafa su, haka ma ƙarin kashi-kashi na shekaru masu zuwa. Sauya sunan muƙami, daga mai kula da sito zuwa shugaban sashen sito, shi ma ba ƙaramin abu ba ne ko da kuɗin bai kai ba, domin da wannan suna za a nemi aiki na gaba.

Duk abin da aka amince da shi, a karɓe shi a takarda mai sa hannu, da sabon adadi da ranar fara biya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi a ba ma'aikacin da ta shafa sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kama aiki, kuma in sharuɗɗan sun canza a sanar da shi. Manajan da ya yi alkawari a baki ana iya yi masa canjin wuri kafin wata ya ƙare, akanta kuwa ba ya biyan abin da ba ya cikin fayil. Mai nema ya ajiye kwafin wasiƙarsa da hatimin karɓa a kai, ya kuma duba takardar biyan albashinsa ta watan farko ya ga ko kason fansho ya tashi tare da albashin.